Malam Sau Goma Sha Bakwai

Ran Alhamis da safe Monica ta yaye rigar tafiretarta ta tarar da takarda a kan maɓallan. Ba ita ta buga ta ba, kuma wannan ne ya fara ɓata mata rai. An kai wa Asabe ta ofishin kuɗi ta buga, layukan duk a karkace. Takardar tuhuma ce. Ana so ta yi bayani a rubuce, kafin ƙarfe goma na ranar Litinin, dalilin da zai hana a ɗauki mataki a kanta saboda sakaci wajen buga muhimmin aiki. A ƙasa, da koren biro, sa hannun Alhaji Maigandi, shugaban sashensu. A can gindi an rubuta: kwafi zuwa fayil.

Shekara goma sha ɗaya Monica tana buga takardu a ma'aikatar nan ta Sakkwato, tun zuwanta daga Zuru. Ba a taɓa tuhumarta ba. Kuma bana ba shekarar tuhuma ba ce. Tun da sabuwar gwamnatin soja ta hau, rediyo ke karanta sunayen ma'aikatan da aka sallama nan take, wasu don cin hanci, wasu don tsufa, wasu don sakaci. Akwai kwamiti a bene na sama, ba ya ganin mutum, fayil yake gani.

Ta ɗauki takardar ta ƙwanƙwasa ƙofar Alhaji.

“Ranka ya daɗe, wane aiki ne na yi wa sakaci?”

Bai amsa gaisuwar da ba ta yi ba. Ya turo mata wani ƙaton kundi mai baƙin bango. Ta san shi, ita ta haife shi. Kundin digirinsa na biyu ne, a kan tarihin makarantun ilimi na cikin gari, shafi ɗari da tamanin da shida, kwafi huɗu da takardar kabon. Wata bakwai ta yi tana bugawa a kan tafiretar gwamnati, tsakanin wasiƙun ofis.

“Sun maido shi,” in ji shi. “Karanta abin da mai jarrabawa yac ce.”

Wasiƙar gajera ce. Kundin yana da amfani, amma ba za a karɓa haka ba. Babi uku na farko suna nuna littattafan da aka ɗauko magana a gindin shafi da lamba; babi biyu na ƙarshe suna sa sunan marubuci da shekara a cikin baka. A zaɓi salo ɗaya, kuma sashen jami'ar yanzu salon suna da shekara yake bi. Akwai ayyukan da aka ambata a cikin rubutu amma babu su a jerin manazarta na ƙarshen kundi. Akwai waɗanda suke cikin jerin amma ba a ambace su ko sau ɗaya ba. Sannan wane ne wannan “Malam 1958” da kundin ya jingina a kansa, alhali babu shi a jerin?

“To ina nawa laifin a nan?” in ji Monica.

“Ke kinka buga.”

“Abin da ka rubuta na buga.”

Alhaji ya cire tabarau ya murza idanu. Ya sassauta murya, irin ta mai yi wa yaro bayani. Wa'adinsa a jami'a ya ƙare. Sai ya kawo dalili za a ƙara masa wata ɗaya. Ya rubuta musu cewa kuskuren mai bugawa ne, ya haɗa da kwafin tuhumar don su ga an ɗauki mataki.

“Takarda ta kawai, Monica. Ki ba da haƙuri layi biyu, ki ce aiki yay yi miki yawa. Shi ke nan. Ɗauki kundin ki gyara muna.”

“Kwamiti fa?”

“Wa ka kula da fayil ɗin mai tafireta?”

Makon jiya aka sallami Istifanus na rajista, mai 'ya'ya shida, a kan tuhuma guda ta shekara huɗu da suka wuce. Ta ɗauki kundin ta fito. Da aka tashi, ta buɗe durowar ƙasa ta kwashe duk rubutun hannun Alhaji, wanda ta ɗaure babi-babi da jan zare. Wanda ya koya mata aiki ya ce mai tafireta ba ta zubar da asalin rubutu sai mai shi ya mutu. Ta kuma ɗebi tsofaffin bangon fayil da aka tara za a ƙona.

Ran Asabar da hantsi, a gidansu na Sabon Gari, ta shimfiɗa tabarma a inuwar dalbejiya ta zauna da almakashi. Mijinta Barnabas, malamin lissafi a sakandare, yana gefe yana wanke sabon babur ɗin da ya saya bayan ƙarin albashi.

“Maman Dorcas, karta za mu buga?”

“Kai dai wanke matarka ta biyu.”

Ta yanka bangon fayil ɗin ƙanana, kamar tafin hannu. Wannan aikin ta san shi. Kafin ta shiga gwamnati ta yi shekara biyu tana yi wa wata Baturiya mai binciken jima da rini aikin tafireta, ita ta koya mata. Kowane aiki da aka ambata, kati ɗaya: sunan marubuci, shekara, da duk shafukan kundin da ya fito. In an gama a jera katunan bi da bi daga A. Sai a bi katunan, a haɗa kowane kati da layinsa a jerin manazarta. Sannan a juyo, a bi jerin layi-layi, a ga ko kowane layi yana da kati. Hanya biyu ake bi, in ji Baturiyar, wanda ya bi ɗaya bai duba ba.

Babi na huɗu da na biyar ba su ba ta wahala ba. Na farkon ne masifa. Malamin da ya fara duba wa Alhaji aikin Baturen Ingila ne, shi ya sa shi bayanin gindin shafi. Da Baturen ya koma gida aka ba Alhaji wani da ya yi karatu a Amurka, ya ce a bi salon suna da shekara. Alhaji bai koma baya ya gyara ba, ya ci gaba kawai daga inda ya tsaya.

“Zo ka ga wani abu,” ta ce.

Barnabas ya zo yana goge hannu.

“Ka ga wannan kalmar, ibid.? Ma'anarta, littafin da aka ambata a lambar da ke sama da wannan. To dubi rubutun hannunsa.” Ta ɗaga shafin. An yanke sakin layi da almakashi daga wani wuri an manna a tsakiya. “Da ibid. ɗin nan tana bin littafin wani Bature ne a kan haraji. Da ya cusa wannan a tsakani, sai ta koma tana bin littafin fiƙihu. Yanzu kundin yana cewa malamin fiƙihu ne ya ƙirga kuɗin jangali na lardi.”

Barnabas ya yi dariya har da riƙe ciki. Ita ba ta yi ba.

“Ke ba ki gani ba lokacin da kike bugawa?”

Ta zaro wata 'yar takarda da ke maƙale da allura a jikin shafin. Rubutunta ne da fensir: Ranka ya daɗe, wannan lambar kamar ba ta bin ta sama. A ƙasa, da koren biro: Buga yadda yake. Da sa hannu, da kwanan wata. Alhaji ba ya iya karɓar takarda bai yi mata sharhi ya sa hannu ba, ko ta gayyatar suna ce. Irin waɗannan 'yan takardu ta ƙirga guda tara. A bangon kowane babi kuma akwai umarni a kan takardar ofis: Monica, buga, kwafi huɗu.

Kafin la'asar tabarma ta cika. Kati sittin da uku. Mafi yawansu sun sami layinsu. Layi shida na jerin ba su da kati, manyan littattafai ne da aka jera don ado. Wani Bature, Pembury, yana da littafi biyu a 1966, kundin kuma yana ta cewa Pembury 1966 ba a san wanne ba. Biyu shekararsu ta ciki ta saɓa da ta jeri. Biyar babu su sam a jerin, ko a bugu ko a rubutun hannu.

Sai kati ɗaya da ya cika har baya. Malam 1958, a shafuka har goma sha bakwai.

Ta san ko wane ne. Yana cikin jerin, amma ba a M ba. Yana can sama da kowa, kafin A, da layi nasa shi kaɗai: Shaihinmu Alhaji Malam Lawwali na Ƙofar Rini, Allah ya ƙara masa lafiya, 1378. Ɗan littafi ne da aka buga a kan silsilar malaman unguwa, wa ya yi karatu wurin wa. Ta tuna ranar da ta buga layin. Alhaji bai rubuta sunan ba, bai kuma faɗa ba. Littafin ya kawo, ya sa ɗan yatsa a bangon ya ce, kwafa daga nan, ki sa shi a sama. Malam Lawwali malaminsa ne, kuma uban matarsa. Shekara ashirin ba wanda ya ji sunan a bakin Alhaji. Ko masinjan ofis mai suna Lawwali, “mai sunan Malam” yake ce masa.

“To ai wannan ladabi ne,” in ji Barnabas.

“Ladabi ne. Mai jarrabawa yana can nesa, ya ga Malam, ya duba M bai gani ba. Ya ga 1958, jeri ya ce 1378, ba wanda ya gaya masa shekarar Hijira ce. Alhaji ya ji kunyar surukinsa, ni za a kora.”

“Ki ba shi haƙurin nan layi biyu mana. Manya ne. A ƙasarsu muke.”

“In na rubuta na yi sakaci, na sa hannu, me kwamiti zai karanta?”

Barnabas ya koma wajen babur ɗinsa.

Ran Litinin tun bakwai da rabi tana ofis. Ta buga amsarta, shafi biyu, ba gogewa ko ɗaya. Ƙarfe tara ta shiga wurin Alhaji da amsar a hannu ɗaya, katunan a ɗaure da roba a ɗaya hannun.

Ya fara karantawa yana kurɓar shayi. Ta ga lokacin da ya ajiye kofin. Amsar ba ta zagi kowa ba. Ta ce aikin da ake magana kundin digiri ne na shugaban sashe. An buga shi a tafiretar ofis, da takardar ofis, a lokacin aiki, bisa umarni a rubuce, ga ranakun. Ta nuna shakku sau tara, an ce ta buga yadda yake, ga ranakun. Asalin takardun suna hannunta in kwamiti yana so ya gani. A gindi: kwafi zuwa fayil.

“Kin san abin da wagga takarda za ta yi in ta hau sama?”

“Na sani, ranka ya daɗe. Abin da taka za ta yi mini.”

“Monica, ni za ki yi ma haka? Wa yas sa anka ba ki ƙarin girma bara?”

“Jarrabawa na ci. Kalma sittin a minti.”

Ya tashi ya rufe ƙofa, ya dawo ya zauna.

“Mi kike so?”

“Wasiƙar janye tuhuma, a ce an binciko ba ni da laifi. A cire ta farkon daga fayil a gabana. In an yi haka ban ba da wannan amsa ba, tunda babu tambaya.”

“Kundin fa?”

“Sai an sake buga shi duka. In an cire bayanan gindin shafi, kowane shafi zai motsa. Zan buga, amma bayan an tashi, da takardar da ka saya. Kuma sai mun bi katunan nan tukuna, ni da kai. Ba na sake buga abin da na san ba daidai ba ne.”

Ya ce ta buga wasiƙar. Ta riga ta buga, tana cikin jakarta. Ya dube ta, ya dubi wasiƙar, ya sa hannu da koren biron. Ya aika aka kawo fayil ɗinta daga rajista, ya zare tuhumar da kansa ya miƙa mata. Ta ninke ta sa a jaka, ta ja kujera ba a ce ta zauna ba, ta cire robar.

“Pembury 1966. Littafi biyu ne. Shafi na arba'in, wanne kake nufi?”

“Na haraji.”

“To mu bi sunayen littattafan bi da bi, na farko 1966a, na biyu 1966b, a ciki da a jeri. Wuri takwas ne, sai ka gaya mini kowanne.”

Ya gaya mata shida. Biyu sai ya duba a gida. Shekarun da suka saɓa, ta ce ya kawo littattafan a duba shekarar da aka buga a ciki, ba daga ka ba. Shidan nan na ado ta ja musu layi.

“Bar su mana, suna ƙara ma jerin nauyi.”

“Mai jarrabawa ya auna ya ce a sauke.”

Suka zo kan biyar ɗin da babu su.

“Waɗannan ina suke?”

Ya yi gyaran murya. A cikin littafin Pembury ya ga an ambace su. Shi bai taɓa riƙe su ba.

“Sa musu Landan kawai, da wani kamfani. Duk can aka buga su. Wa za shi bincika?”

“Wanda ya ƙirga waɗannan zai bincika. In aka kama, wa za a ce ya ƙirƙira? Mai tafireta?” Ta ture katunan gabansa. “Ka rubuta gaskiya: wane ya ce kaza, kamar yadda Pembury ya ambata, shafi kaza. Pembury ne a jeri, tunda shi ka karanta. Ko ka cire maganar.”

Ya ja tsaki, amma ya ɗauki biro.

Kati ɗaya ya rage. Ta ajiye shi a tsakiyar tebur.

“Wanga a bar shi yadda yake,” in ji Alhaji.

“A kansa aka fi yin magana. Sunan da ke cikin baka shi ne zai fara layi a jeri, shekara kuma iri ɗaya nan da can. A sa 1378 da 1958 tare, a ko'ina. Sannan ya sauko daga sama ya shiga layi. L, bayan K.”

“Malam, ƙarƙashin Nasara?”

“Wasu suna samansa, wasu suna ƙasa. Pembury yana ƙasa.”

“Kuma sunanshi tsirara? Ba Alhaji, ba Malam, sau goma sha bakwai? Ke ba ki san wanga abu ba, Monica. Ɗiyarshi na cikin gidana. In kundin ga ya shiga hannun 'yan Ƙofar Rini, da wane ido zan shiga zaurenshi?”

“Na sani. Mu ma ba ma kiran sunan suruki. Akwai shafin godiya a gaba, ka sa masa duk laƙabin da kake so, da addu'a, har shafi biyu. Amma a nan, in ba suna, wanda ya karanta ba zai taɓa gano littafinsa ba. Duk abin da yake sabo a kundin nan daga wurinsa ya fito. Turawan nan kowa ka kira sunansa. Shi kaɗai ka ɓoye.”

Alhaji ya dubi katin.

“Ko a cire shi gaba ɗaya,” ta ce. “Sai babi na uku ya tafi, da rabin na huɗu.”

Ya jawo katin. Ya riƙe biro a kansa har tawada ta yi ɗigo. Sannan ya ajiye biron ya ture mata katin.

“Ke rubuta.”

Ta soke Malam, ta rubuta Lawwali da manyan baƙaƙe, ta juya katin ya fuskance shi.

“Sa hannu, ranka ya daɗe. Da kwanan wata.”

Ya sa, idonsa na kan bango.

A bakin ƙofa ta tsaya. “Wasiƙar da ka aika jami'a fa, da ka ce laifina ne?”

“Ta riga ta tafi. Can ba su san ki ba.”

Gaskiya ne. Ba su san ta ba, ba za su kuma sani ba. A wani fayil a wani gari an rubuta cewa wata mai tafireta a Sakkwato ba ta iya aiki ba, kuma haka zai zauna.

Ƙarfe uku da rabi ofis ya watse. Alhaji ya aiko da rim biyu na takarda da sabon kabon daga kanti. Ya leƙo da kansa, wai ya ga ko akwai abin da take bukata. Ta jera farar takarda huɗu da kabon uku a tsakani, ta daidaita gefensu, ta murɗa su cikin tafireta. Ba daga babi na ɗaya ta fara ba. Ta jawo na uku, wanda layinsa na biyu ke da sunan.

Ya tsaya a bayanta yana kallo. Ta buga alamar buɗe baka, ta danna L.

Ya ce yana da salla bai yi ba, ya fita.